An hana Babanmu shiga MRI saboda ɗan ƙarfen da ya faɗa masa ido tun 2003

Nasiru Ɗan Mai Walda
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masu ilimin asibiti don Allah ku warware mini wani abu, tun jiya raina a ɓace yake. Babanmu ya kai wata biyar yana fama da ciwon baya, yanzu har ƙafar hagu ta fara riƙewa, in zai tashi daga sujada sai ya dafa bango. Likita ya rubuta MRI na ƙashin baya, hoton nan da ake ɗauka a cikin inji mai ƙaton mayen ƙarfe. Muka haɗa kuɗi, muka yi sammako, aka ba mu fom na cike da hannuna. Duk inda aka tambayi ƙarfe na sa a'a, don a sanina ba a taɓa yi wa Baba aiki ba. Har ya sa rigar asibiti sai wata ma'aikaciya ta zaunar da shi tana maimaita tambayoyin da baki. Ta ce Baba mece ce sana'arku, ya ce walda. Ta ce ƙarfe ya taɓa faɗa muku a ido? Sai ya ce e, a 2003 yana yankan ƙofa da giranda wani ɗan tsinke ya shige masa idon hagu, abokin aikinsa ya ciro masa da bakin tsumma, bai ma je asibiti ba. Shi ke nan fa, ta ce ba zai shiga ba sai an yi hoton ido. Ni abin da ya ɗaure mini kai, bayan mutum za a ɗauka, me ya haɗa baya da ido? Kuma abin da ya wuce shekara ashirin?

Lawan Direba
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Nasiru ni dai gaskiya ina ganin neman ƙarin kuɗi ne. Ni da nake maka magana akwai faranti a cinyata da kusoshi takwas tun hatsarin da na yi a hanyar Zariya, kuma bara aka yi mini MRI na wuya, lafiya lau na fito. To in ƙarfe mai tsawon kamu guda bai yi komai ba, ina ga ɗan tsinke?

Maman Iklima
Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma ina jiran amsa, don an rubuta mini na kai sati mai zuwa.

Injiniya Bala
Lawan, ba kowane ƙarfe mayen ƙarfe ke ja ba. Ka kai shi kusa da tukunyar alminiyom ko wayar tagulla ka gani, ko motsi ba za su yi ba. Farantan ƙashi yawanci da titaniyom ake yi, ko wani irin baƙin ƙarfe na asibiti wanda jansa kaɗan ne ƙwarai. Amma ƙarfen ƙofa da rodi su ne abincin maganaɗisu. Saboda haka a fahimtata duk mai walda bai kamata ma ya kusanci wannan injin ba, kwata-kwata.

Anti Hauwa Mai Hoto
Salamu alaikum. Nasiru, sannu da jinya. Shekarata 11 ina aiki a ɗakin MRI, kuma da ni ce a wurin, abin da waccan 'yar'uwa ta yi shi zan yi. Bari in bi maganar a hankali.

Injiniya ya yi gaskiya a rabin farko. Amma ba nau'in ƙarfen kaɗai muke dubawa ba, har da inda yake zaune. Farantin Malam Lawan an ɗaure shi da kusoshi a jikin ƙashi, ƙashi kuma ya warke ya riƙe shi. Ko da yana da ɗan ja, babu inda za shi. Ido kuwa a cikinsa ruwa ne mai kauri kamar farin ƙwai, babu abin da zai riƙe tsinken ƙarfe. A bayansa ga tantanin gani, siriri kamar takardar sigari, cike da ƙananan jijiyoyin jini. In tsinken ya motsa ko da milimita 2 ne, ya isa ya yaga wani abu.

Kuma injin ba ja kawai yake yi ba, murɗawa ma yana yi. Ka san allurar kamfas yadda take juyawa ta kalli arewa? Haka duk wani siririn ƙarfe yake ƙoƙarin juyawa ya miƙe daidai da tsawon ramin injin. Ja ya fi ƙarfi a bakin ramin, murɗawa ta fi ƙarfi a cikinsa. To mutumin da za a ɗauki bayansa, dole a tura shi har ƙugunsa ya kai tsakiya. Ko da kai aka fara tura shi ko da ƙafa, kansa yana cikin wurin da ƙarfin yake. Ba kamar eksire ba ne da ake haska gaɓa ɗaya a bar saura. Abin da ya haɗa baya da ido ke nan.

Nasiru Ɗan Mai Walda
Na gode Anti, yanzu na fara gani. Amma ai ya ce an ciro shi. Kuma duk shekarun nan idon bai taɓa damunsa ba, ko tabarau ba ya sawa.

Anti Hauwa Mai Hoto
Wanda ya ciro da bakin tsumma abin da ya gani a saman ido ya ciro. Bai da yadda zai san ko guda ɗaya ne ko biyu, ko wani ya huda ya shige. Tartsatsin giranda yana fita da gudu, kuma ƙanƙanin yanki mai kaifi yana iya hudawa ƙofar ta rufe da kanta, mutum ya yi kwana biyu da jan ido ya warke. Yana iya zama shekaru bai ce uffan ba, don babu abin da ya taɓa jansa.

Wannan tambaya ba haka kawai ta shigo fom ba. A 1986 likitoci a Amurka suka wallafa labarin wani dattijo da ya yi aikin ƙarfe a baya. Bai san akwai komai a idonsa ba. Ana fito da shi daga injin ya ga walƙiya a ido ɗaya, jini ya zuba a ciki, ganin wannan idon ya tafi. Ɗan ƙarfen bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Inda zan saɓa da Injiniya shi ne cewa duk mai walda ba ya shiga. Suna shiga, na ɗauki da yawa. Sana'ar kawai tana sa mu buɗe kunne. Tambayar da ke yanke hukunci ita ce: ƙarfe ya taɓa shiga idon? In e, likitan ido ya duba ya tabbatar an cire duka? In ya tabbatar, ko an taɓa yin hoton wurin bayan raunin aka ga babu komai, sai mu wuce. In ba haka ba, eksire na kwarmin ido, minti biyar ne. In ya fito fes, a ranar ma ana iya yin MRI ɗin.

Lawan Direba
To na ji. Amma me zai hana a rage ƙarfin injin, ko a kashe shi a shigar da mutum sannan a kunna a hankali a ga ko zai ji wani abu?

Injiniya Bala
Wannan kam ba ya yiwuwa, Lawan. Maganaɗisun nan ba ya da makunni irin na fanka. Manyan injinan waya ce a naɗe a cikin ruwan hiliyom mai sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifili, wuta tana zagayawa a cikinta ba tare da ta rage ba. Ko an ɗauke wuta, ko janareta ya mutu, ko ƙarfe biyun dare ne ɗakin a kulle, jan yana nan yadda yake. Da tesla ake auna ƙarfinsa, mai tesla 1.5 ya ninka jan da ƙasa take yi wa allurar kamfas wajen sau dubu 30. Akwai maɓallin sauke shi na gaggawa, amma dannawa na nufin hiliyom ɗin ya tashi iska, injin ya zauna kwanaki, a kashe kuɗi masu nauyi. Sai rai na cikin haɗari ake taɓa shi.

Sai dai ina da shawara ga Nasiru. A ƙasar nan akwai ƙananan injina masu buɗaɗɗen gefe, masu tesla 0.2 ko 0.35. Jansu bai kai rubu'in na babban ba. Ku nemi irinsu kawai.

Anti Hauwa Mai Hoto
Injiniya don Allah a janye wannan shawarar. Dattijon 1986 ɗin da na faɗa, a injin 0.35 abin ya same shi. Ƙaramin inji yana rage wasu matsaloli, amma ido ba wurin gwaji ba ne. Kuma abin da nake tsoro, wani ya karanta nan ya tafi wani wuri ya ɓoye labarin.

Injiniya Bala
Ban san a ƙarami ya faru ba. Na janye a kan ido. Amma ina nan a kan cewa ga wasu ƙarafan, ƙaramin inji ya fi sauƙi.

Maman Iklima
Anti Hauwa ni ta kaina nake. Ina da haƙorin Makka guda biyu, ga kuma robar tsarin iyali a mahaifa. Ance wai injin yana fizge haƙori. Sannan wannan hasken da yake bugawa ba zai lalata robar ba? Don ƙanwata ta ce hasken MRI ya fi na eksire ƙona jiki.

Anti Hauwa Mai Hoto
Maman Iklima, kwantar da hankalinki. MRI ba ya amfani da irin hasken eksire ko kaɗan, maganaɗisu ne da igiyar rediyo. Zinariya da azurfa maganaɗisu ba ya jansu, ban taɓa ganin haƙorin da ya fita ba. Abin da haƙorin ƙarfe yakan yi shi ne ɓata hoto a kusa da baki, ya bar baƙin tabo, musamman in an gauraya shi da wani ƙarfen. Ki faɗa musu, in yana girgiɗi ma ki faɗa. Robar da ake sawa a asibitocinmu roba ce zalla ko roba da tagulla, ana shiga da su. Ashanar hannu ma haka. Wadda aka hana ita ce tsohuwar zoben baƙin ƙarfe da aka yi yayi a Sin. Duk da haka ki rubuta a fom.

Ranar kuma kada ki sa kwalli ko gazal, tunda kai za a ɗauka, wasu suna da garin ƙarfe a ciki suna ɓata hoto. Ki cire fil ɗin mayafi, ƙarfen kitso, ɗan kunne, rigar mama mai waya. Maza kuma laya da guru da kambu. Na taɓa ganin guru ya ɗaga riga yana nuna injin tun daga bakin ƙofa, mai shi yana rantsuwa fata ce da takarda kawai. Shi ma bai san abin da aka ɗinke a ciki ba.

Maman Iklima
Alhamdu lillahi. Amma Anti ina da ƙorafi. Ran da na je karɓar rana, a gaban uwar mijina aka miƙo mini fom ɗin, wani yaro yana karanto tambayoyin da ƙarfi a cikin mutane. Ita ba ta san da robar ba. Wallahi a'a na ce. Yanzu sai na koma na gyara.

Anti Hauwa Mai Hoto
Kin taɓo inda yake mini ciwo, kuma laifinmu ne ba naki ba. Fom ɗin da Turanci yake, yawanci ɗa ko miji ke cikewa, su kuma abin da suka sani suke rubutawa. Ga Nasiru nan, da zuciya ɗaya ya sa a'a, don a 2003 wataƙila yana firamare. Shi ya sa ƙa'ida ita ce tambaya sau biyu: a rubuce, sannan da baki a keɓe da mai jikin, kafin ya tsallaka ƙofa. Ni ba na cewa "kana da ƙarfe a jiki?" don kowa a'a zai ce. Cewa nake: an taɓa tsaga ka? A ina? Me aka sa? An taɓa harbinka? Me kake yi kafin wannan sana'ar? In na ga tabo a ƙirji ko a kai sai na ji labarinsa. Ki ce musu kina son magana da ma'aikaciya ku biyu, haƙƙinki ne.

Nasiru Ɗan Mai Walda
Aji uku nake lokacin, Anti. Gobe in sha Allahu za mu je hoton idon.

Isuhu na Maraɗi
Sallama gare ku. Nan wajenmu IRM ake ce masa. Tambayata ta mahaifina ce, an sa masa batirin zuciya a Indiya shekara shida da suka wuce. Likita guda ya ce har abada ba shi ba wannan injin, wani kuma ya ce na zamani ana shiga da su. Wa za mu bi? Tunda dai an ce titaniyom ne gidan batirin, ai ba ya jawuwa ko?

Dakta Sani
Malam Isuhu, kowanensu yana da gaskiya a zamaninsa. A da hani ne kai tsaye. Wanda aka ƙera don ya jure MRI ya fara fitowa a Turai a 2008, Amurka ta amince da shi a 2011. Amma matsalar batirin zuciya ba ja ba ce sosai, don haka zancen titaniyom bai warware ta ba.

Ka duba yadda abin yake. Batirin yana ƙarƙashin fata a ƙirji, waya ɗaya ko biyu ta bi jijiya ta shiga har cikin zuciya, bakinta a kafe a tsoka. Injin tesla 1.5 yana aika igiyar rediyo mai megahaz 64, ba nisa da zangon tashoshin efem. Doguwar waya a cikin wannan igiya eriya take zama. Ta kwaso ƙarfin ta tara shi a bakinta, daidai inda ta taɓa zuciya, wurin ya yi zafi. In naman wurin ya ƙone ya yi tabo, bugun da batirin ke aikawa yana iya daina kamawa. Na biyu, wannan ƙarar da ake ji kamar ana buga guduma, wasu ƙananan maganaɗisai ne ake kunnawa ana kashewa da sauri. Suna iya haifar da 'yar wuta a cikin wayar. Batirin ya ɗauka zuciya ce ke bugawa da kanta sai ya yi shiru, alhali mutumin da shi ya dogara. Ko kuma zuciyar ta karɓi bugun da ba a aiko ba.

Abin da za ka nema shi ne katin da aka ba su bayan aikin.

Isuhu na Maraɗi
Katin yana nan, tsohuwa ta ajiye shi cikin adaka. Na duba yanzu, akwai wata alama mai kusurwa uku, an rubuta MR Conditional.

Anti Hauwa Mai Hoto
Madalla da tsohuwa. Alamomin uku ne. Koren murabba'i MR Safe, wato babu ƙarfe ko kaɗan, kamar roba. Jan da'ira da aka ja wa layi MR Unsafe, ba ya shiga. Ruwan ɗorawa mai kusurwa uku shi ne naku, ma'anarsa ana shiga amma bisa sharaɗi. Mutane da yawa suna karanta shi a matsayin "ba komai", kuma nan ake samun matsala.

Da a wajena za a kawo shi, ga abin da zai faru. Zan ɗauki sunan kamfani da lambar batirin, da lambar kowace waya daban, don sharaɗin na batiri da wayoyinsa ne a haɗe. In an taɓa canja batiri aka bar tsohuwar waya, ko akwai wata da ta karye aka bar ta a ciki, lissafi ya canja. Sannan in buɗe takardar kamfanin in ga wane ƙarfin inji suka yarda da shi, da iyakar zafin da zan saita. Wanda aka gwada a 1.5 ba a kai shi 3 sai in an rubuta. A ranar sai mai kula da batirin ya zo da na'urarsa ya mayar da shi yanayin MRI, a sa wa mara lafiya abin auna bugun zuciya muna kallo har a gama, a fito a mayar da saitin yadda yake, a sake gwadawa. In wurin da kuka je babu mai yin wannan saitin, to katin bai isa ba, ku nemi inda ake da shi.

Dakta Sani
Zan ƙara da cewa a manyan cibiyoyi a waje yanzu har tsofaffin batiran da ba su da wannan alama ana ɗauka a 1.5, da likitan zuciya a tsaye. Wani lokacin ina ganin muna wuce gona da iri wajen hani. Mutum yana da ƙari a laka, a hana shi hoton da zai ceto ƙafafunsa saboda wani farantin da kowa ya san irinsa. Hanin ma cutarwa ne.

Anti Hauwa Mai Hoto
Dakta, a kan faranti da kusoshin ƙashi na yarda da kai, ba na hana su don babu kati, tunda a ɗaure suke. Sai dai in ce wa mutum in ya ji ɗumi ya matsa ƙararrawa. Amma "kowa ya san irinsa" ba ta aiki a ƙwaƙwalwa. A farkon shekarun 1990 wata tsohuwa mai shekara 74 a Amurka tana da ɗan maƙalin da ake matse kumburarriyar jijiyar jini da shi a kai. An tambaya, aka ba da sunan wani nau'i da ba ya jawuwa, aka yarda da maganar baki. Ana kusantar da ita injin maƙalin ya juya ya yaga jijiyar, ta rasu. Da aka ciro shi aka ga wani nau'in ne daban. Saboda haka abu uku ba na karɓar "ina jin" a kansu: ƙwaƙwalwa, ido, da duk abin da ke da batiri ko waya, har da na'urar ji da ake dasawa a kunne mai maganaɗisu a cikinta. Sai na gani a rubuce.

Dakta Sani
A kan maƙalin ƙwaƙwalwa ba ni da ja. Amma mutum nawa ne a nan ake sallama da kati? Aiki aka yi a 2009, fayil ya ɓace, likitan ya bar ƙasar. Sai mu ce ya tafi ke nan?

Anti Hauwa Mai Hoto
Sai mu zauna da likitan hoto da wanda ya turo shi a auna, ko siti sikan, wato eksire na kwamfuta, zai ba da amsar. Wani lokacin yana bayarwa, wani lokacin ba ya bayarwa. Ba ni da amsar da za ta gamsar da kai a nan, Dakta. Na san dai ni ce mai tura gadon.

Ɗan Sa-kai
Ni harsashi ne a kafaɗata shekara huɗu ke nan, ba a cire ba. Wani ya ce in kara mayen ƙarfen sifika a wurin, in ban ji ja ba to lafiya.

Injiniya Bala
Kar ka dogara da wannan. Jan ɗan mayen ƙarfe yana mutuwa cikin tazarar yatsa biyu. Harsashin dalma da tagulla ba ya jawuwa, amma wasu na bindigar yaƙi akwai baƙin ƙarfe a cikinsu ko a rigarsu. In kuma ta gargajiya ce, ka san abin da ake ɗurawa: guntun rodi, ƙusa, ƙwallon boris.

Anti Hauwa Mai Hoto
Haka ne. A fara da eksire a ga siffarsa da inda ya kwanta. Wanda ke cikin tsoka nesa da jijiya, nama ya naɗe shi, sau da yawa likitan hoto yakan yarda. Wanda ke kusa da laka, huhu ko babbar jijiyar jini, magana ce daban. Ba ni zan yanke maka a waya ba.

Kuma tunda 'yan rakiya suna karantawa: duk wanda zai shiga ɗakin, ko riƙe hannun yaro zai yi, shi ma sai ya cike fom. A 2001 a jihar Niyok tukunyar oksijin ta ƙwace ta shige ramin ta kashe yaro ɗan shekara 6 yana kwance a ciki. A 2018 a Mumbai ɗan rakiya ne ya shiga da irin tukunyar, shi ya rasu.

Nasiru Ɗan Mai Walda
Jama'a mun dawo. An yi hoton sau biyu, ɗaya Baba yana kallon sama, ɗaya yana kallon ƙasa. Aka kira ni aka nuna mini a allo. Wani ɗan farin ɗigo ne a gefen hagu, fari tas ya fi ƙashi haske, likitan ya auna ya ce wajen milimita 2. Kuma a hoto na biyu ya sauya wuri. Jikina har yanzu rawa yake. Baba bai ce komai ba, hularsa kawai ya cire ya riƙe. Da muka fito ya ce in kai shi wurin yarinyar nan ta shekaranjiya, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi ta sa mata albarka.

Lawan Direba
Inna lillahi. Na janye maganar kuɗi, Allah ya yafe mini zato.

Anti Hauwa Mai Hoto
Sannu Nasiru. Dalilin kallon sama da ƙasa ke nan. Ɗigon da ya tsaya wuri guda a duka hotunan yana iya zama a fatar ido ko can gefe, ko ma datti ne a farantin hoton. Wanda ya bi motsin ido, yana jikin ƙwayar ko cikinta. Yanzu MRI ya tsaya. Ku ga likitan ido, mai yiwuwa ya nemi siti sikan na kwarmin don ya san takamaiman wurin. Ko da babu zancen baya ya kamata ya gani, don baƙin ƙarfe yakan yi tsatsa a cikin ido ya ci gani a hankali.

Dakta Sani
Kuma kada zancen ido ya sa a manta da ƙafa. Ku koma wurin wanda ya rubuta MRI da wannan sakamakon, akwai siti sikan na baya, akwai wanda ake sa ruwan hoto ta allura a gadon baya don jijiyoyin su fito. In ka ga fitsari ya fara riƙewa ko yana zubowa ba saninsa, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafar ta ƙara saki, kada ku jira ranar asibiti, ku tafi gaggawa a daren.

Nasiru Ɗan Mai Walda
Na rubuta, Dakta. An ba mu Talata a wurin likitan ido. Tambaya ɗaya ta rage mini: in ya ce cirewar ta fi barin haɗari, tunda idon yana gani, shi ke nan Baba da MRI har abada?

Anti Hauwa Mai Hoto
In yana cikin ƙwayar kuma aka bar shi, ni dai ba zan shigar da shi ba. In siti ya nuna a waje yake, manne a fata ko wani wuri mai sauƙin kaiwa, aka cire, aka sake hoto ya fito fes, sai ku zo. Kafin nan ka ɗauki hoton takardar sakamakon a wayarka, ka kuma sa kwafi a aljihun Baba, don wata rana ana iya kai shi asibiti ba ka kusa kuma shi ba ya iya magana.

Isuhu na Maraɗi
Anti, na sake duba katinmu. Lambar batiri na gani, amma wurin waya layi ɗaya ne a cike, kuma na tuna likitan ya ce biyu ya sa. In turo miki hotonsa ta akwati?

Anti Hauwa Mai Hoto
Turo gaba da baya. In akwai takardar sallama ta asibitin can ma haɗo da ita, wani lokacin a jikinta suke manna lambobin.